Zaɓe Tsakanin Ayyuka Biyu Masu Kore Juna: Ragowar Darajar Yau da Ma'aunin Ribar Aiki

1.0 Gabatarwa

A fagen nazarin sarrafa kuɗi akwai wata tambaya da ta daɗe tana fitowa a jarrabawa, kuma ta daɗe tana kayar da ɗalibai, har da waɗanda suka iya lissafi. Akan kawo ayyuka biyu na zuba jari, a bayyana kuɗin da kowanne zai ci da wanda zai kawo shekara-shekara, sannan a ce ɗaya kaɗai za a iya yi. Sai ɗalibi ya auna su da ma'auni biyun da aka koya masa, ya tarar ma'auni na farko ya zaɓi wannan aiki, na biyu kuma ya zaɓi wancan. Daga nan sai ya fara zargin kansa da kuskure, alhali kuwa lissafinsa daidai yake. Wannan babi zai bi misali guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe, domin a ga inda saɓanin yake fitowa da kuma hujjar da ake kafawa wajen yanke hukunci.

Ana kiran irin waɗannan ayyuka masu kore juna saboda yin ɗayan yana hana yin ɗayan. Fili guda ba zai zama gidan mai ya kuma zama makaranta ba. Kogi guda a mashigi guda ba a yi masa gada iri biyu. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Idan ayyuka ba su kore juna, tambayar da ake yi wa kowanne ita ce ko zai biya ko ba zai biya ba, kuma a nan ma'aunan biyu kusan kullum bakinsu ɗaya ne. Amma idan suna kore juna sai tambayar ta koma wanne ya fi, kuma a nan ne rigimar take.

1.1 Ma'aunan Biyu

Tushen ma'aunan duka biyu shi ne cewa naira ta yau ta fi naira ta baɗi daraja. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in ji masu iya magana, amma dalilin da ya shafi lissafi ya wuce batun tabbas kawai. Wanda ya riƙe ₦100 yau, kuma yana da hanyar da zai juya ta ta kawo kashi 10 cikin ɗari a shekara, zai wayi gari da ₦110 baɗi. Ke nan a wurinsa ₦110 ta baɗi daidai take da ₦100 ta yau. Wannan kaso da mai kuɗi zai iya samu a wata hanya mai kwatankwacin haɗari, ko kuma kason da shi kansa yake biya kafin ya sami jarin, shi ake kira farashin jari. Ba dole ba ne ya zama kuɗin ruwan banki. Ɗan kasuwar da ba ya mu'amala da ruwa shi ma yana da farashin jari, wato ribar da zai rasa a kasuwancinsa na yau da kullum idan ya cire kuɗin ya kai wani wuri.

Ma'auni na farko shi ne ragowar darajar yau, wanda ake rubutawa NPV a takardun jarrabawa da allon kwamfuta. Ana ɗaukar kuɗin kowace shekara mai zuwa a mayar da shi darajarsa ta yau, a tara, sannan a cire jarin da aka zuba. Abin da ya rage shi ne ƙarin dukiyar da aikin zai kawo wa mai shi a kan abin da zai samu da ya bar kuɗinsa a waccan hanya.

```
NPV = -C0 + C1/(1+r) + C2/(1+r)^2 + C3/(1+r)^3
```

A wannan tsari C0 shi ne jarin farko, C1 zuwa C3 kuɗin da ke shigowa a ƙarshen kowace shekara bayan an cire ɗawainiya, r kuwa farashin jari. Amsar tana fitowa ne da naira.

Ma'auni na biyu shi ne ma'aunin ribar aiki, wanda ake rubutawa IRR. A nan ba a ba ɗalibi r, shi ne zai nemo shi: wane kaso ne idan aka sa shi a gurbin r ragowar darajar yau za ta zama sifili? Amsar tana fitowa da kaso cikin ɗari. Idan kason ya ɗara farashin jari, aikin yana biya. Wannan ma'auni yana da farin jini domin harshen kaso yana da sauƙin ji. Wani bincike da John Graham da Campbell Harvey suka buga a 2001, wanda ya tattara amsoshin shugabannin sashen kuɗi 392 na kamfanoni, ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu nasu suna amfani da kowanne daga ma'aunan biyu kullum ko kusan kullum. Saboda haka saɓanin da za a gani a ƙasa ba wasan aji ba ne kawai.

1.2 Misalin Fili Guda da Shawara Biyu

A ƙaddara wata ƙungiyar gama kai ta malaman makaranta ta karɓi hayar wani fili na tsawon shekara uku, kuma tana da ₦10,000,000 da za ta zuba. Farashin jarinta kashi 10 cikin ɗari ne. An zaɓi wannan adadi ne don sauƙin lissafi, za a kuma dawo kansa daga baya. Shawara biyu ce a gaban 'yan kwamiti.

Shawara ta farko ita ce a kafa wurin buga bulo, domin ana gina wani rukunin gidaje a kusa. Ciniki zai yi ƙarfi a shekarar farko, sannan ya riƙa ja da baya yayin da ginin ke ƙarewa. Ana sa ran ₦7,000,000 a shekara ta farko, ₦4,000,000 a ta biyu, ₦2,000,000 a ta uku. Shawara ta biyu ita ce a yi kiwon shanun nono. Shekarar farko abin da zai shigo kaɗan ne, ₦1,000,000. A ta biyu ₦4,000,000, a ta uku kuwa ₦10,000,000, domin a lokacin ne za a sayar da garken gaba ɗaya. Jarin kowace shawara ₦10,000,000 ne, kuma an ɗauka haɗarinsu ɗaya ne.

Za a fara da ragowar darajar yau. Ga aikin bulo, a raba ₦7,000,000 da 1.1, a sami ₦6,363,636. A raba ₦4,000,000 da 1.21, a sami ₦3,305,785. A raba ₦2,000,000 da 1.331, a sami ₦1,502,630. Jimilla ₦11,172,051. Idan aka cire jari, ragowar ita ce ₦1,172,051. Ga aikin kiwo, masu rabawar ba su canza ba, sai dai kuɗin: ₦909,091 da ₦3,305,785 da ₦7,513,148, jimilla ₦11,728,024. Ragowar ita ce ₦1,728,024. Bisa wannan ma'auni kiwo ya fi bulo da ₦555,973.

Ma'aunin ribar aiki kuwa ba a samun sa kai tsaye idan shekarun sun kai uku, sai dai a yi ta gwaji. Ɗalibi zai nemi kaso biyu maƙwabta, ɗaya ya ba da ragowa sama da sifili, ɗaya ƙasa da sifili, sannan ya ƙiyasta tsakaninsu. Ga bulo, kashi 18 yana ba da ragowar ₦22,203, kashi 19 kuwa yana ba da giɓin ₦106,156. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ₦128,359. Idan aka raba 22,203 da 128,359 za a sami kusan 0.17, a ƙara wa 18, ya zama kusan kashi 18.2. Ga kiwo, kashi 17 yana ba da ragowar ₦20,461, kashi 18 yana ba da giɓin ₦193,495, ƙiyasin ya tsaya a kusan kashi 17.1. Bisa wannan ma'auni bulo ne ya fi.

To, ga saɓanin nan a fili. Ragowar darajar yau ta ce kiwo, ma'aunin riba ya ce bulo, kuma babu kuskure ko ɗaya a lissafin.

1.3 Inda Saɓanin Ya Samo Asali

Abin da ya raba ayyukan nan biyu ba yawan jari ba ne, lokacin shigowar kuɗi ne. Bulo yana kawo jimillar ₦13,000,000 amma fiye da rabi tun a shekarar farko. Kiwo yana kawo ₦15,000,000 amma kashi biyu cikin uku sai a ƙarshe. Kuɗin da ya yi nisa shi ne ya fi jin jiki idan farashin jari ya tashi, domin ana raba shi da adadin da aka ninka sau uku, alhali kuɗin shekarar farko sau ɗaya kawai ake raba shi. Saboda haka duk lokacin da r ya ƙaru, darajar kiwo tana faɗuwa da sauri fiye da ta bulo. Jadawalin da ke biye ya nuna haka.

| Farashin jari | Ragowar bulo | Ragowar kiwo |
|---|---|---|
| 0% | ₦3,000,000 | ₦5,000,000 |
| 10% | ₦1,172,051 | ₦1,728,024 |
| 15.47% | kusan ₦361,200 | kusan ₦361,200 |
| 16% | kusan ₦288,400 | kusan ₦241,300 |
| 20% | −₦231,481 | −₦601,852 |

Idan malami ya zana wannan a allo, da farashin jari a kwance da ragowa a tsaye, zai sami layuka biyu masu gangarowa. Na kiwo ya faro daga sama amma gangararsa ta fi tsanani. Na bulo ya faro daga ƙasa amma yana saukowa a hankali. Dole ne su haɗu a wani wuri, kuma sun haɗu a kashi 15.47. Wannan wuri shi ake kira mahaɗa. Wasu littattafai suna jingina shi ga Irving Fisher, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, wanda ya yi bayanin irin wannan kwatanci tsakanin zaɓi biyu a littafinsa na 1930 kan nazarin kuɗin ruwa.

Zanen yana bayyana abin da kowane ma'auni yake kallo. Ma'aunin ribar aiki yana kallon inda kowane layi ya taɓa sifili ne kawai, wato 18.2 da 17.1, waɗanda duka suna can dama da mahaɗa, inda bulo yake sama. Ragowar darajar yau kuwa tana kallon tsayin layukan a daidai farashin jarin ƙungiyar, wato kashi 10, wanda yake hagu da mahaɗa, inda kiwo yake sama. Ƙungiyar ba a kashi 17 ko 18 take zaune ba, a kashi 10 take. Ke nan ma'aunin riba ya amsa wata tambaya ce daban: har zuwa wane farashi aikin zai iya jurewa kafin ya koma asara? Tambaya ce mai amfani, amma ba ita 'yan kwamiti suka yi ba. Su abin da suka tambaya shi ne wane aiki ne zai fi ƙara wa 'yan ƙungiya dukiya.

Daga nan ake gane cewa saɓani ba ya faruwa sai farashin jari ya kasance ƙasa da mahaɗa. Da farashin jarin ƙungiyar kashi 16 ne, da ma'aunan biyu duk bulo za su zaɓa.

1.4 Gwajin da ke Raba Gardama

Mai goyon bayan bulo yana da hujjar da ba za a raina ba. Zai ce kuɗin bulo yana dawowa da wuri, kuma ₦7,000,000 da ta shigo a shekarar farko ba a ƙarƙashin katifa za a ajiye ta ba, za a sake juya ta. Wannan gaskiya ne, kuma hanya mafi sauƙi ta gwada maganar ita ce a bi kuɗin har ƙarshen shekara ta uku a ƙirga abin da ke asusu.

Ƙungiyar tana iya juya kuɗi a kan kashi 10, domin ma'anar farashin jarinta ke nan. Idan ta zaɓi bulo, ₦7,000,000 za ta yi shekara biyu tana juyawa ta zama ₦8,470,000. Ita kuma ₦4,000,000 za ta yi shekara ɗaya ta zama ₦4,400,000. A haɗa da ₦2,000,000 ta ƙarshe, asusu ya tashi ₦14,870,000. Idan ta zaɓi kiwo, ₦1,000,000 za ta zama ₦1,210,000, a haɗa da ₦4,400,000 da ₦10,000,000, asusu ya tashi ₦15,610,000. Ko bayan an ba bulo cikakken haƙƙinsa na saurin dawowa, kiwo ya bar ƙungiyar da ƙarin ₦740,000. Idan aka raba wannan da 1.331 za a koma kan ₦555,973 ɗin nan da aka samu tun farko. Ashe ragowar darajar yau ta riga ta sa saurin dawowar kuɗi a cikin lissafinta.

A nan akwai wata magana da ta yawaita a littattafai, cewa ma'aunin ribar aiki yana ɗauka za a sake juya kuɗin da ya shigo a kan kason shi kansa ma'aunin, wato kashi 18.2 ga bulo. Ya kamata malami ya yi hattara da yadda yake faɗar ta. Lissafin neman kason bai ce komai ba game da inda za a kai kuɗin bayan ya shigo. Abin da yake daidai shi ne, kashi 18.2 riba ce a kan jarin da ya rage a cikin aikin kawai, kuma jarin bulo yana fita da sauri. Bayan shekara ɗaya mafi yawansa ya dawo hannu, yana cin kashi 10 kamar kowane kuɗi. Kiwo kuwa yana riƙe jarin kusan gaba ɗayansa har shekara uku yana ba shi kashi 17.1. Riba mai ɗan ƙasa a kan kuɗi mai yawa na tsawon lokaci ta fi riba mai ɗan sama a kan kuɗin da ya yi gajeren zama. Kuma bulo ba ya bukatar a juya kuɗinsa a kan kashi 18.2 kafin ya kamo kiwo. Abin da yake bukata shi ne hanyar da za ta ba da sama da kashi 15.47, wato mahaɗa. In da ƙungiyar tana da irin wannan hanya a buɗe kullum, to farashin jarinta ba kashi 10 ba ne tun asali.

1.5 Lissafin Bambanci

Wanda ya nace sai ya yi aiki da kaso yana da hanyar da zai bi ya isa amsa daidai. Maimakon ya kwatanta kason ayyukan biyu, sai ya cire kuɗin ɗaya daga na ɗaya shekara-shekara, ya ɗauki bambancin tamkar wani aiki na uku. A cire bulo daga kiwo. A farko babu bambanci, domin jarin ɗaya ne. A shekara ta farko kiwo ya gaza bulo da ₦6,000,000. A ta biyu sun yi daidai. A ta uku kiwo ya ɗara bulo da ₦8,000,000.

Wato ke nan duk gardamar ta taƙaita ga tambaya guda: shin ya dace ƙungiya ta haƙura da ₦6,000,000 a ƙarshen shekara ta farko domin ta karɓi ₦8,000,000 bayan shekara biyu? Wannan ana warware shi da hannu.

```
6(1+r)^2 = 8
(1+r)^2 = 1.3333
1+r = 1.1547
r = 15.47%
```

Haƙurin yana ba da kashi 15.47 a shekara, ƙungiyar kuwa kashi 10 take samu a waje, don haka haƙurin ya biya, kiwo ya yi nasara. Ɗalibi zai lura cewa adadin da ya fito shi ne mahaɗar nan ta zane. Ba dace ba ne: kason da ya mayar da ragowar bambanci sifili shi ne kason da ragowar ayyukan biyu ta zama ɗaya.

Akwai tarko a wannan mataki. Idan ɗalibi ya juya ciren, ya cire kiwo daga bulo, zai sami ƙarin ₦6,000,000 da farko sannan giɓin ₦8,000,000 daga baya. Kason zai sake fitowa 15.47, sai ya ce ai ya fi kashi 10, don haka bulo ya ci. Amma kuɗin da ya fara shigowa sannan ya fita daga baya ba jari ba ne, rance ne. Zaɓen bulo tamkar cin bashin ₦6,000,000 ne a kan kashi 15.47, ga wanda yake iya samun kuɗi a kan kashi 10. A rance ƙaramin kaso ake so. Hanyar kauce wa wannan ita ce a tsara ciren yadda adadi na farko da ba sifili ba zai zama fitar kuɗi.

Ko da an kiyaye wannan, lissafin bambanci yana da iyaka. Idan kuɗin ya sauya alama fiye da sau ɗaya, misali ya fita, ya shigo, ya sake fita, ana iya samun kaso fiye da ɗaya. Sanannen misali a littattafan wannan fanni shi ne fitar 1,600 a farko, shigowar 10,000 a shekara ta farko, da fitar 10,000 a ta biyu. Kashi 25 yana mayar da ragowar sifili, kashi 400 ma haka. A irin wannan hali babu kason da za a riƙe, sai a koma ga ragowar darajar yau, wadda amsarta ɗaya ce a kowane farashin jari.

1.6 Idan Jarin Bai Zama Ɗaya Ba

Saɓanin yana kuma fitowa ta wata ƙofa mai sauƙin ganewa, wato bambancin girma. A ce a fili guda ana iya zuba ₦1,000,000 a sami ₦1,500,000 bayan shekara, ko a zuba ₦10,000,000 a sami ₦12,500,000. Ƙaramin yana ba da kashi 50, babban kashi 25. Amma a farashin jari na kashi 10, ragowar ƙaramin ₦363,636 ce, ta babban kuwa ₦1,363,636. Ƙarin ₦9,000,000 da babban yake ci yana dawo da ƙarin ₦11,000,000, wato kusan kashi 22.2, wanda ya ninka abin da kuɗin zai samu a waje fiye da sau biyu. Kaso ba ya faɗin girman abin da aka yanke shi daga ciki. Sharaɗin kawai shi ne mai jarin ya iya samun waccan ₦9,000,000 a kan kashi 10. Idan ba zai iya ba, to matsalar ta koma ta ƙarancin jari, wadda take da nata hukunci daban.

1.7 Abin Lura Wajen Amsa Tambayar

Ɗaliban da ke aiki da kwamfuta suna yawan faɗawa wani kuskure da manhajar Excel ba ta gargaɗi a kansa. A ce an rubuta jarin farko da alamar ragi a B2, kuɗin shekara uku kuma a B3 zuwa B5. Yadda ya dace a rubuta shi ne:

```
=NPV(0.1,B3:B5)+B2
=IRR(B2:B5)
```

Umarnin NPV yana ɗauka adadi na farko da aka ba shi a ƙarshen shekara ta farko ya zo. Idan aka cusa B2 a cikin baka, zai rage darajar jarin da aka biya yau, ya kuma tura kowace shekara gaba da ɗaya. Alamar da malami zai gane wannan kuskure da ita ita ce amsar ɗalibi ta yi ƙasa da ta gaskiya da daidai rabon 1.1: ₦1,065,501 a maimakon ₦1,172,051. Umarnin IRR kuwa dole ne a haɗa masa da B2. A lissafin hannu ma, ƙiyasin tsakanin kaso biyu yana ƙara nisa da gaskiya idan tazarar ta yi faɗi, domin layin ba miƙaƙƙe ba ne, lanƙwasasshe ne. Wanda ya ƙiyasta ma'aunin bulo tsakanin kashi 10 da kashi 20 zai sami kusan 18.4, ba 18.2 ba.

Sauran magana ita ce ta kashi 10 da aka yi alkawarin dawowa kanta. Tun da hukuncin yana juyawa a kashi 15.47, ingancin amsar gaba ɗaya ya rataya ne a kan ingancin farashin jari. A nan mahaɗa take da amfaninta na biyu, domin tana nuna girman kuskuren da hukuncin zai iya ɗauka. Ƙungiyar da ta tabbata farashin jarinta yana tsakanin kashi 8 da 12 ba ta da abin damuwa. Wadda take kokwanto tsakanin 14 da 17 kuwa tana kan gaɓa, kuma bambancin naira a wurin ƙarami ne ƙwarai, har ya kamata wasu dalilai su shigo, kamar haɗarin ciwon dabbobi ko yiwuwar a dakatar da ginin gidajen. Idan haɗarin ayyukan biyu ba ɗaya ba ne, kowanne sai a auna shi da nasa farashin jari, wanda ragowar darajar yau take karɓa ba tare da wahala ba.

Haka kuma wajibi ne kuɗin da farashin jarin su zama da harshe ɗaya game da hauhawar farashi. A Nijeriya, Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a watan Nuwamba na 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a watan Disamba na shekarar. A irin wannan yanayi, idan alƙaluman ₦7,000,000 da ₦10,000,000 naira ce ta ranar da za a karɓe ta, to farashin jarin da ya dace da su ya wuce kashi 18.2 nesa ba kusa ba, kuma ayyukan biyu duk asara ne. Amsar da ta dace a lokacin ita ce kada a yi ko ɗaya, domin kasancewar wani aiki ya fi ɗan'uwansa ba ya nufin yana biya. Idan kuwa an ƙiyasta alƙaluman ne da farashin kayan yau, ba tare da an ƙara musu hauhawa ba, to farashin jarin ma sai a cire masa hauhawa kafin a yi amfani da shi. Gauraya su, wato kuɗi da farashin yau a raba shi da kason banki, yana zaluntar aikin da kuɗinsa ya yi nisa, kuma a misalin nan kiwo ne zai sha wannan zalunci.

Cikakkiyar amsar jarrabawa ga tambayar ƙungiyar za ta kawo ragowar ayyukan biyu da kasonsu, ta bayyana cewa sun saɓa saboda lokacin shigowar kuɗi, ta nemo mahaɗa a kashi 15.47, sannan ta zaɓi kiwo bisa hujjar cewa a farashin jari na kashi 10 ya fi ƙara wa 'yan ƙungiya dukiya da ₦555,973 ta yau. Ɗalibin da ya tsaya a alƙaluma huɗu na farko ya ce a zaɓi kiwo ya dace da amsa, amma mai duba takarda ba zai iya rarrabe shi da wanda ya haddace doka kawai ba. Malamin da yake son ya gane wanda ya fahimta sai ya sauya farashin jarin zuwa kashi 16, ya bar sauran alƙaluman yadda suke, ya sake tambaya.